Jadawalin Lattin Malamin Lissafi

Shekarar da nake aji na huɗu na sakandare, wanda muke kira turwaziyem, gidanmu yana Adjamé, makarantarmu kuwa tana Treichville. Kullum sai na haye gada. In an yi sa'a bas ta kai ni cikin minti arba'in, in ba a yi ba sai a tsaya cak a kan gada, kana kallon ruwa, kana jin zufa tana gangarowa ta bayan riga. Babana ɗan Kano ne, ya zo Abidjan tun yana saurayi, yana fito da dilolin yadi daga tashar jiragen ruwa yana rarraba wa masu shaguna. Faransancinsa na kasuwa ne, wanda ya ishe shi ciniki da faɗa da direbobi. Ni kuwa a nan aka haife ni, Faransanci ya fi Hausa zama a bakina a lokacin, har in na yi fushi, da Faransancin nake masifa.

Malamin lissafinmu dogo ne, mai son farar riga mai gajeren hannu, da bik uku, wato biro, jere a aljihu. Mushe muke ce masa kamar sauran malamai maza. Ya iya lissafi, wannan ba zan hana shi ba. Amma yana da doka tasa wadda ba ta makaranta ba ce. Dokar makaranta ita ce, ɗalibin da ya makara har minti goma sai ya je ofis ya karɓo takardar izini kafin ya shiga aji. Tasa kuwa, duk wanda ya zo bayansa, ko da taku ɗaya ne, ya tarar da ƙofa a rufe da sakata. Abin da ya sa dokar take ci mana rai shi ne, shi kansa ba ya zuwa a kan lokaci. Sau da yawa na sha ganinsa a tashar bas ta Adjamé yana fitowa daga wata makarantar kuɗi inda aka ce yana koyarwa da sassafe.

Ranar babbar jarrabawar zango na farko, bas ɗaya muka shiga da shi. Ya zauna gaba, ni ina tsaye a baya. Muka maƙale a kan gada tare, muka sauka tare, an daɗe da kaɗa ƙararrawa. Shi yana da dogayen ƙafafu, ni kuma maɗaurin takalmina ya tsinke a bakin ƙofar makaranta, na durƙusa na cire shi na riƙe a hannu. Ina hawa matakala na ji ƙarar sakata. Na ƙwanƙwasa. Ya buɗe kaɗan, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan ƙafata da ba takalmi.

Na ce, "Mushe, ai tare muka sauko daga bas."

Ya ce, "Ni ban san da wa na sauko ba. Waje."

Ya ba ni sifiri. Sifirin nan ya ja makina ƙasa har aka rubuta mini gargaɗi a takardar sakamako, ni da ban taɓa faɗuwa lissafi ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya biyo baya. Baba ya ce zai je ya ba shi haƙuri. Ya sa babbar rigarsa ta shuɗi, ya bar aikinsa, muka tafi tare. Mushe ya tarbe mu a baranda gaban ajinmu, tagogi a buɗe, yara suna leƙe. Baba ya fara magana da Faransancinsa, yana neman kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Mushe ya bar shi ya gama, sannan ya maimaita jimlar Baba yadda Baba ya faɗe ta, da karyewarta da komai, da ƙarfi yadda 'yan aji za su ji. Aka fashe da dariya a ciki. Ya ƙara da cewa, "Tsoho, nan ba kasuwa ba ce, ba a ciniki. In 'yarka ba ta iya zuwa a kan lokaci ba, ka ba ta faranti ta je ta sayar da goro."

Baba ya gane duk abin da aka faɗa. Ya ce, "Na gode," ya juya. Muka hau bas. Ina zaune kusa da shi ina kallon hannunsa a kan gwiwa.

Mako guda bayan haka na roƙi a bar ni in koma wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, a unguwar Arras cikin Treichville, in riƙa zuwa gida ƙarshen mako kawai. Na ce don kada in ƙara makara ne, kuma gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Daga gidan Gwaggo da ƙafa nake isa makaranta. Na ari tsohon agogon hannunta, wanda ta daina sawa saboda ya yi mata ƙanƙanta. Daga ranar, duk darasin lissafi, da an kaɗa ƙararrawa sai in duba agogo, da Mushe ya sa ƙafa a aji sai in sake dubawa, in rubuta kwanan wata da yawan mintocin a shafin ƙarshe na littafina na zane. Sau huɗu yake shigar mana a mako. Ban san me zan yi da lambobin ba. Kawai dai kowace lamba da na rubuta tana ɗan sanyaya mini zuciya. Ranar da ya zo da wuri har haushi nake ji.

A zango na biyu muka shiga babin ƙididdiga. Mushe ya koya mana yadda ake tattara lambobi masu yawa a raba su rukuni-rukuni masu faɗi ɗaya, a yi wa kowace lamba sanda ɗaya a gaban rukuninta, sanda huɗu a tsaye ta biyar ta gicciye su, a ƙirga sandunan a sami adadin kowane rukuni, sannan a yi layin ƙarshe na tarin adadi, inda ake haɗa adadin kowane rukuni da duk na samansa. Ya ba mu aikin gida: kowa ya samo lambobi arba'in na gaske daga rayuwarsa, ya yi jadawali, ya rubuta jimla biyu kan abin da jadawalin ya nuna. Ya ce wanda ya ƙirƙiro lambobi daga kansa zai gane, kuma sifiri ne. Wasu suka ce za su auna tsawon 'yan unguwarsu, wata ta ce nauyin kifin da uwarta ke saya. Ni na buɗe shafin ƙarshe na littafin zane a ƙarƙashin tebur na ƙirga. Talatin da bakwai. Saura darasi uku kafin ranar miƙa aiki. Sai da na danne bakina da hannu don kada maƙwabciyata ta ga ina murmushi.

Ranar Lahadi da la'asar, a tsakar gidanmu na Adjamé, na shimfiɗa tabarma na fara. Ƙaramar lamba sifiri ce, ranar da ya riga ƙararrawa, babbar kuma ashirin da takwas. Na yanke shawarar rukuni shida, kowanne faɗin minti biyar. Akwai kwana biyu da bai zo ba gaba ɗaya, waɗannan ban sa su cikin arba'in ɗin ba, don ba su da lamba, ko da yake na so ƙwarai in sa su. Na ɗauki rukuni na farko na bi jerin daga sama har ƙasa ina neman nasa, na koma na biyu na sake bi, haka har na shida. Da na gama tarin adadi, sai layin ƙarshe ya ba ni arba'in da uku. Na sake, arba'in da uku. Na jefar da bik.

Baba yana kan kujerarsa yana jiran lokacin salla. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, me ya faru?"

Na ce, "Abu arba'in na zuba, arba'in da uku suka fito."

Ya miƙo hannu, na ba shi takardar. Bai iya karanta rubutun boko sosai ba, amma da ya ga sandunan sai ya gyara zama. Ya ce, "Wannan ai aikinmu ne. Haka muke yi da alli a jikin mota in ana loda diloli. Nuna mini yadda kika yi."

Na nuna masa. Ya girgiza kai. "Ba a haka. Ba mota ke zagayawa tana neman dila ba. Dila ɗaya za a ɗauko, a ce wannan na motar wane ne, a ja sanda, ya wuce, ba ya dawowa. Kin ƙirga wasu sau biyu."

Gaskiyarsa. Na rubuta rukunan a gaggauce, sifiri zuwa biyar, biyar zuwa goma, goma zuwa sha biyar, ban kula da bakin iyaka ba. Akwai kwana biyu masu minti goma cif, da kwana ɗaya mai sha biyar cif, kuma kowannensu na yi masa sanda a rukuni biyu. Ga ukun da suka ƙaru. Na sake zana jadawalin, na sa wa kowane rukuni baka a rufe ta hagu, a buɗe ta dama, yadda aka koya mana, wato lambar farko tana ciki, ta ƙarshe ba ta ciki. Na miƙa wa Baba jerin, don lambobi kam ya iya karanta su. Yana kira ɗaya bayan ɗaya, ina jan sanda, yana sa ɗigo a gefen wadda ta wuce.

Mun kai tsakiya ya tsaya. Ya ce, "Wai lambobin mene ne waɗannan?"

Na ajiye bik. Sannan na faɗa masa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Na ɗauka zai ce in yaga. Sai ya ce, "Agogon gwaggonki daidai yake tafiya?"

Na ce, "Ko yana gaba ko yana baya ba komai, Baba. Daga ƙararrawa nake ƙirgawa zuwa shigarsa."

"To waɗannan biyun masu goma cif, da kika kai su rukunin sama, ƙa'ida ce ko ƙiyayya?"

Na ɗauko littafin darasi na nuna masa bakan da Mushe ya zana mana a allo na kwafa. Na ce ƙa'idarsa ce, shi ya koyar.

Ya ce, "Shi ke nan. Amma kada ki ƙara masa ko minti ɗaya. Ga tara nan har guda huɗu, na ga idonki a kansu. Ki bar su tara."

Ya gan ni kuwa. Tun safe nake tunanin cewa minti tara da 'yan daƙiƙu ai kusan goma ne. Na bar su. Ya ci gaba da kira, muryarsa ba ta canja ba, sai dai na lura in ya zo kan babbar lamba yana ɗan jan ta, kamar mai ɗanɗana miya.

Ga yadda jadawalin ya fito, har yau ina iya faɗinsa ba tare da na duba ba. Daga sifiri zuwa ƙasa da biyar, sanda huɗu, tari huɗu. Daga biyar zuwa ƙasa da goma, ƙulli ɗaya da sanda biyu, bakwai ke nan, tari sha ɗaya. Daga goma zuwa ƙasa da sha biyar, ƙulli biyu da biyu, sha biyu, tari ashirin da uku. Daga sha biyar zuwa ƙasa da ashirin, tara, tari talatin da biyu. Daga ashirin zuwa ƙasa da ashirin da biyar, ƙulli ɗaya cif, tari talatin da bakwai. Rukunin ƙarshe uku, tari arba'in. Da na rubuta arba'in ɗin Baba ya ce, "Kaya sun cika," ya tashi ya ɗauki buta.

A saman takarda na rubuta: Mintocin lattin wani ma'aikaci a kwanakin aiki arba'in. Jimlolina biyu kuwa, ta farko ta ce rukunin da ya fi yawa shi ne na goma zuwa ƙasa da sha biyar. Ta biyu ta ce tarin adadi ya nuna sau sha ɗaya kacal ma'aikacin ya makara ƙasa da minti goma, saboda haka sau ashirin da tara ya makara minti goma ko fiye. A bayan takardar na kwafe lambobin arba'in da kwanan watan kowace, da ƙananan baƙaƙe masu kyau. Na yi amfani da rula, na ja layuka da jan bik. Ban taɓa ƙawata aikin gida kamar wannan ba.

Bayan mako guda ya dawo mana da takardu. Ya shigo da lattin minti sha huɗu, na duba don sabo. Ya fara da masifa, ya ce rabin aji ba su san bambancin adadi da tarin adadi ba, wasu tarinsu yana raguwa maimakon ya ƙaru, wani ma ya ƙare da talatin da takwas bai damu ba. Sannan ya ɗaga tawa. Na hango maki sha bakwai cikin ashirin da jan bik a kusurwa. Ya ce, "Abin mamaki, mai goro ce ta yi daidai. Zo ki kwafa a allo."

Na fita. Alli ya karye sau biyu, amma na zana shi tsaf, har sandunan. Ya tsaya gefe ya harɗe hannu, yana jin daɗin kansa. Bai juya bayan takardar ba, na tabbata, don da ya juya da ba a zo nan ba.

Ya ce wa aji, "Ku dubi amfanin layin ƙarshe. Ba sai kun koma kun ƙirga ba. Sau nawa mutumin nan ya makara ƙasa da minti goma?"

Aji ya ce, "Sha ɗaya!"

"Sau nawa ya kai goma ko ya wuce?"

"Ashirin da tara!"

"Ashirin da tara cikin arba'in. Kusan kashi uku cikin huɗu. Ma'aikaci irin wannan, da ni ne shugabansa, ko wata ɗaya ba zai ƙara ba." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Wane ne? Yaron shagon babanki? Ko babanki ne da kansa?"

Aka yi dariya, amma ba kamar ta ranar baranda ba, don wasu sun riga sun fara duban juna. Na ajiye allin a hankali. Watanni uku ina shirya wannan amsa, na yi mata jimloli masu tsawo a kan hanyar makaranta, amma da lokacin ya zo gajeriya ce ta fito.

Na ce, "Kwanakin suna bayan takarda, Mushe. Duk ranakun darasinmu ne."

Ya juya takardar. Na ga idonsa yana bin jerin. Ajin ya yi tsit har ana jin masu tallar ayaba a titi. Wani yaro a baya ya kasa riƙewa, ya yi wani sauti ta hanci, shi ke nan aji ya ɓarke. Masu buga tebur suna yi, wata ta kwanta a kan benci. Ni ban yi dariya ba. Fuskarsa nake kallo, ina so kada ko kaɗan ya wuce ni. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na tuna hannun Baba a kan gwiwa, na ji wani daɗi mai kauri ya sauko mini har ciki.

Ya zaro jan bik ya soke sha bakwai ɗin da ƙarfi har takarda ta huje, ya rubuta sifiri. Ya ƙara da rubutu a gefe cewa rashin kunya ce ga malami. Ya ce, "Ɗauki. Kai wa sansar, ki gaya masa ni na aiko ki. Kada ki dawo ajina."

Sansar shi ne mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu da zuwan malamai. Da Mushe ya yi tunani na minti ɗaya, da ya yaga takardar ya watsar. Fushi ya sa shi ya ɗora ta a hannuna ya aike ni da ita wurin mutum ɗaya tilo da bai kamata ya gan ta ba. Na sauka matakala ina riƙe da ita da hannu biyu.

Sansar tsoho ne, mai sanƙo, ba ya ɗaga murya. Ya karanta rubutun Mushe, ya karanta jadawalin, ya juya baya. Ya tambaye ni yadda na auna, na faɗa. Ya aika aka kawo babban littafin aji wanda malamai ke sa hannu a ciki, ya bi kwanakina da yatsa yana gwadawa da nasa. Ya ce, "Kwana biyu babu a jerinki."

Na ce, "Bai zo ba ranakun."

Ya sake duba littafin. Ya ɗauki fensir, ya rubuta tsakiyar kowane rukuni a gefe, biyu da rabi, bakwai da rabi, har ashirin da bakwai da rabi, ya ninka kowanne da adadinsa, ya haɗa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ɗari biyar da sittin da biyar. Fiye da awa tara." Sannan ya cire tabarau ya dube ni. "Jadawalinki ba shi da kuskure. Amma ke kin san abin da kika yi. Kin kunyata malami a gaban aji, kuma da gangan."

Na ce, "E, da gangan."

Ya ce, "Kwana uku a gida. Ki zo da mahaifinki."

Washegari Baba ya zo da rigar aikinsa, bai sake kaya ba. A ofis aka zauna, da Mushe, da sansar, da mu. Mushe ya yi ta magana kan tarbiyya da yaran zamani, bai dubi inda nake ba. Da aka ba Baba dama, sai ya ce mini da Hausa, "Uwata, ki fassara, kada ki rage kada ki ƙara." Ya ce shi bai yi boko ba, tambaya ɗaya gare shi: a cikin lambobin nan arba'in, akwai wadda ƙarya ce? In akwai, a nuna masa, shi da kansa zai hukunta ni a nan. Na fassara. Sansar ya juya ya dubi Mushe. Mushe ya ce ba wannan ce maganar ba. Baba ya ce a sake tambayarsa. Na sake. Bai amsa ba.

Aka bar mini korar kwana uku. Sifirin jarrabawar farko ma ba a cire ba, sansar ya ce zango ya riga ya rufe. Amma ya soke sifirin jadawalin da hannunsa ya mayar da sha bakwai, ya sa hannu a ƙasa, ya kuma ce zan koma aji. Takardar kuwa bai ba ni ba, ya sa ta a aljihun teburinsa.

Innata ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ce mace da riƙo irin wannan abin tsoro ce, wata uku ina zaune da abu a ciki ko ita ban gaya wa ba. Ta ce malami uba ne, in je in ba shi haƙuri. Na ce to, ban je ba. Baba bai goyi bayana a gabanta ba, bai kuma ce in je ba.

Kwana ukun a rumfar Gwaggo na yi su, a babbar kasuwar Treichville, ina naɗe atamfa. Gwaggo ba ta iya riƙe labari ba. Kafin azahar ta ranar farko duk layin masu yadi ya ji, da Hausa da Julanci da Faransanci, kuma a bakinta lattin ya kai awa biyu, malamin ma har ya yi kuka. Ina ta gyara mata, ina cewa ashirin da takwas ne mafi yawa. Ta ce, "Ke rufe mana baki, ke kin yi naki, bar ni in yi nawa." Wata mai sayar da tukwane ta aiko mini da aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, ta ce a ba 'yar da ta auna malami.

Da na koma, sansar ya fara tsayawa a ƙasan matakala lokacin ƙararrawa, hannu a baya, yana gaida malamai. Mushe ya riƙa zuwa a kan lokaci, wani sa'in yana haki. An ce ya bar makarantar kuɗin ta Adjamé, ban tabbatar ba. Har ƙarshen shekara bai ƙara kiran sunana ba, ko na ɗaga hannu sai ya tsallake ni, takarduna kuma yana duba su da neman laifi, in ya sami waƙafi a karkace sai ya cire rabin maki. Wannan ya sa na riƙa duba aikina sau uku, na kuwa ci jarrabawar ƙarshe da maki mai kyau a lissafi.

Sau ɗaya na sake ganinsa, bayan shekaru, ina da ɗana na fari a baya. A layin kantin magani ne a Treichville, yana gabana, ya yi furfura. Ya waiwayo, ya dube ni, na ga ya gane ni. Ya ɗan buɗe baki kamar zai yi gaisuwa. Na kau da kai na gyara goyona, na ci gaba da karanta takardar likita har layi ya zo kaina.